Dattawan Jam'iyya Sun Ce In Fito Takara, Ni Kuwa Ba Na So

Assalamu alaikum. Ni shugaban wata makarantar sakandare ce ta jeka-ka-dawo a wani ƙauye na ƙasar Haɗeja, kuma na shekara goma sha tara ina aikin gwamnati. Makonni uku da suka wuce shugaban wata jam'iyya na ƙaramar hukumarmu ya zo gidana tare da shugaban mazaɓarmu da wani dattijo aminin mahaifina marigayi, wanda muke kira Baba, suka ce sun yanke shawarar in fito takarar ɗan majalisar jiha. Kunya ta hana ni cewa a'a, sai na ce a ba ni lokaci in yi shawara. Da za su tafi suka ajiye naira dubu ɗari biyu, wai kuɗin mai. Yanzu wani ɗan kasuwa ya yi alkawarin saya mini fam, samari kuma sun fara yawo da hotona a waya. Ni ba na son takarar nan ko kaɗan, amma ba na so in ci mutuncin mutanen da suka girmama ni, musamman Baba. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, Malam.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, a wurin 'yan siyasa kalmar "zan yi shawara" rabin amincewa ce, kuma duk kwanan da ya wuce ba ka ce komai ba, cika ɗaya rabin yake yi. Kai kana ganin shirunka ladabi ne, su kuwa suna ɗaukarsa irin kawaicin da mutumin kirki yake yi kafin ya karɓi abin da aka ba shi. Saboda haka girmamawar da ta fi kowace a yanzu ita ce ka ba su amsa a cikin wannan makon, amsar da ba ta da harshe biyu. Ba cewa a'a ce za ta ɓata tsakaninku ba. Abin da zai ɓata shi ne su ji a'ar a makare, bayan sun riga sun ɗaura maganarka a wuyansu sun kai gaban manyansu.

Bari in nuna maka yadda lokaci yake ƙara wa wannan a'ar tsada, domin da wuya malamin makaranta ya san abin da yake gudana a bayan fage. Shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma ba ya zuwa gidan mutum haka kawai. Kafin ya zo, an zauna an auna wace mazaɓa ce ya kamata ta fitar da ɗan takara a wannan karon, an lallashi wasu masu sha'awar kujerar su dakata, wataƙila ma an kai sunanka Dutse wurin jagoran jam'iyyar. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27 da kujerun majalisar jiha 30, wato yawancin ƙananan hukumomi kujera ɗaya tak suke da ita, kuma kowace gunduma tana ganin ita ce ta fi cancanta. Idan ka janye yau, shugaban zai koma ya ce malamin da muka nema ya ba da uzuri, a sake zama, shi ke nan. Idan ka bari aka sayi fam, kuɗin wani ya shiga ciki, kuma jam'iyya ba ta saba mayar da kuɗin fam ba. A 2022 ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun ƙasar nan naira miliyan biyu ta sayar da fam ɗin majalisar jiha. Idan kuma aka kai ga masalaha, dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce sai duk masu neman kujerar da aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye wa wanda aka tsayar, wato mutane za su sadaukar da burinsu dominka da alƙalaminsu. Bayan an miƙa suna ga hukumar zaɓe kuwa, wannan doka ta 2022 ba ta yarda jam'iyya ta canja ɗan takara ba sai idan ya rasu ko ya janye da kansa a rubuce, kuma ko ya janye ɗin dole ne a sake zaɓen fid da gwani cikin kwana 14. Lamarin kamar wanda aka yi wa tayin 'ya ne: ba da haƙuri ranar da aka yi maganar abu ne mai sauƙi, amma ba da haƙuri bayan an sa rana an sayi kayan ɗaki cin fuska ne ga gida guda. Kai har yanzu kana matakin farko, sai dai hotunan da samari suke yaɗawa alama ce cewa ka kusa fita daga cikinsa.

Sai batun dalilin da za ka bayar, kuma a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Mai jin kunya yakan nemi uzurin da zai ɗauke laifi daga kansa, alhali irin wannan uzurin shi ne wanda ɗan siyasa ya fi iya warwarewa, tunda sana'arsa ke nan. Idan ka ce ba ka da kuɗi, za a ce ai ba kuɗinka aka zo nema ba, ga mai sayen fam, ga mai ba da mota. Idan ka ce iyali ba su amince ba, gobe da safe za ka ga tawaga a ƙofar ɗakin mahaifiyarka ko a zauren surukinka, ka jawo wa tsofaffi nauyin da kai ka kasa ɗauka, kuma idan suka ji kunya suka ce sun amince, ba ka da sauran mafaka. Idan ka ce ba wannan karon ba, sai nan gaba, ka ci bashin da za a zo karɓa bayan shekara huɗu. Kada kuma ka ce ka yi istihara ba ta yi kyau ba idan ba ka yi ba, domin wannan ƙarya ce da sunan ibada, kuma mutanen da za ka faɗa wa suna da malaman da za su ce a sake. Mafi muni duka shi ne ka ce siyasa ƙazanta ce ko kuwa kai ba ka iya ƙarya ba. Ko da haka kake ji a zuciyarka, ka tuna cewa mutanen da suke zaune a gabanka sun ƙarar da rayuwarsu a cikinta, kuma wannan maganar tana nufin ka fi su tsarki. Ita ce kalmar da ba a mantawa da ita ko bayan shekara ashirin.

Dalilin da zai tsaya da ƙafarsa shi ne wanda yake gaskiya kuma yake naka kai kaɗai, kuma kana da shi a hannu. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 107, ya hana ma'aikacin gwamnati tsayawa takarar majalisar jiha sai ya ajiye aiki ko ya yi ritaya aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Za a ce maka kwana talatin kaɗai ne, kana iya ci gaba da aikinka har zuwa lokacin, amma wannan magana ce ta takarda. A zagayen da ya kai ga zaɓen 2023 an kammala zaɓukan fid da gwani a farkon watan Yunin 2022, zaɓen majalisun jihohi kuwa sai ranar 18 ga Maris 2023, wato wata tara ɗan takara yana yawon ɗaurin aure da ta'aziyya da taron mazaɓu, ƙofar gidansa cike da jama'a tun daga asuba. Shugaban makaranta ba zai iya haɗa wannan da jarrabawar 'yan aji shida ba, kuma iyayen da suke ɗaya jam'iyyar za su fara kallon duk hukuncin da ya yi wa 'ya'yansu da idon siyasa. Sannan idan ya ajiye aikin ya faɗi zaɓe, babu dokar da ta tilasta a mayar da shi kujerarsa. Wannan dalili ne da kowane dattijo zai fahimta, domin kowa ya san wani a yankinsa da ya bar aiki saboda takara ya dawo yana neman na cefane.

Amma ka lura, ko wannan dalilin za a yi ƙoƙarin sayensa. Za a ce idan ba a yi nasara ba akwai muƙamin mai ba da shawara ko kujera a wata hukuma. Don haka kada ka gabatar da shi a matsayin matsalar da kake neman a warware maka. Ka fara da hukuncin da ka yanke, dalilin ya biyo baya a matsayin bayani, kuma ka haɗa shi da abin da babu mai iya musanta maka, wato sanin halinka. Kana iya cewa Baba wani abu mai kama da haka: "Baba, na zo ne a kan maganar da kuka zo mini da ita. Wallahi ban taɓa zaton za a ga na kai wannan matsayi ba, kuma na san albarkacinku ne da na mahaifina. Na yi tunani iyakar iyawata, na ga ba zan iya ɗaukar wannan nauyi ba. Aikin koyarwa shi na iya, kuma a cikinsa nake so in ƙarasa shekaruna. Na ga gara in faɗa muku yanzu da sauran lokaci, da in karɓa don kunya in zo in ba ku kunya a tsakiyar tafiya. Ina neman afuwar jinkirin da na yi." Daga nan sai ka yi shiru. Kada ka cika shirun da ƙarin dalilai, domin duk dalilin da ka ƙara, ƙofa ce ka buɗe.

Akwai hujja guda da na tabbata za a kawo maka, kuma tana da ƙarfi, don haka ka shirya mata tun daga gida. Za a ce ai ba kai ka nema ba, nemanka aka yi, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya gaya wa Abdurrahman ɗan Samura kada ya nemi shugabanci, domin idan aka ba shi ba tare da ya nema ba za a taimake shi a kansa. Hadisin ingantacce ne, Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi, kuma kada ka yi jayayya da shi. Sai dai ya yi alkawarin taimako ne ga wanda ya karɓa, bai wajabta karɓa a kan duk wanda aka yi wa tayi ba. A gefensa kuma akwai abin da Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarri ya nemi a ba shi wani aiki, Annabi ya ce masa shi mai rauni ne, kuma shugabanci amana ce wadda take zama abin kunya da nadama ranar alƙiyama, sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya kuma sauke abin da yake kansa. Abu Zarri bai rasa gaskiya ko tsoron Allah ba, ƙarfin wannan aikin ne ba shi da shi. To, mutumin da ya iya riƙe makaranta yana iya rasa jimirin zaman majalisa da rigimar kokus, wato taron manyan jam'iyya, da hayaniyar 'yan jagaliya, kuma faɗin haka ba ƙasƙanci ba ne. Ka faɗe shi a kan kanka cikin tawali'u, ba da muryar mai karantar da dattawa ba. Idan da babu wani mai cancanta a duk ƙaramar hukumar sai kai, da maganar ta canja, amma kai ma ka san ba haka ba ne.

Yanzu ga tsarin zuwa wurinsu, wanda a ganina ya kai nauyin kalmomin da za ka faɗa. Baba za ka fara gani, a gidansa, shi kaɗai, bayan sallar asuba ko bayan isha'i lokacin da zaure ya watse. Shi ne ya sa sunan mahaifinka a cikin lamarin, kuma mai yiwuwa shi ya ce wa sauran su bar masa kai, yaronsa ne. Idan ya ji labarin daga bakin wani, an nuna wa duniya cewa bai isa da kai ba. Idan kuwa daga bakinka ya ji, kuma ka roƙe shi ya raka ka wurin shugaban jam'iyya, ka mayar da shi mai shiga tsakani, matsayin da ya dace da furfurarsa. Kana iya tafiya da baffanka ko yayanka don a ga cewa maganar ta gida ce, amma kai za ka yi magana da bakinka. Daga wurin Baba, a wannan ranar, ba gobe ba, sai gidan shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma, sannan shugaban mazaɓa, sannan ɗan kasuwar nan. A ƙauye magana ba ta kwana, kuma wanda ya ji a majalisar mai shayi abin da ya kamata ya ji a zaurensa ba zai yafe da wuri ba. Kada ka yi ta waya, kada ka aika saƙo, kada ka tare su a wurin ɗaurin aure ko ranar kasuwa inda mutum zai ji dole ya kare girmansa a gaban jama'a. Kada kuma ka sa hakimi ko dagaci a ciki don ya kare ka. Masu sarauta iyayen kowa ne, kuma idan aka ji cewa dagaci ne ya hana ɗan takarar wata jam'iyya fitowa, ka jefa shi cikin rigimar da za ta iya taɓa rawaninsa.

Kuɗin nan ka mayar da su cif, ko da ka taɓa wani abu a ciki ka cike daga aljihunka. Amma yadda ake mayarwa shi ne gwaninta. Miƙa wa babba kuɗinsa a hannu a gaban mutane daidai yake da cewa ba ka buƙatar alherinsa. Ka sa su a ambulan, ka ba Baba, ka ce masa an ba ka ne don zirga-zirgar takara, tunda kuwa ba za a yi ba, amana ce ta jam'iyya da ya kamata ta koma ga wanda zai yi tafiyar. Wataƙila shugaban ya ce ya bar maka kyauta ce. Ka yi godiya ka nace sau ɗaya ko biyu cikin ladabi. Idan ya rantse ba zai karɓa ba, ka nemi izininsa a gaban Baba a sa su a wani aikin gari da kowa zai gani, kamar gyaran famfon burtsatse, da sunansa ba da naka ba. Abin da ba na so shi ne su kwana a aljihunka, domin ranar da rai ya ɓaci za a ce ka ci kuɗin jam'iyya ka gudu, kuma dubu ɗari biyun za ta zama miliyan biyu a bakin masu ba da labari.

Da zarar sun ga ka tsaya a kan bakanka, tambaya ta gaba ita ce, to wa kake ganin ya dace? Tana kama da girmamawa, amma ka kauce mata. Idan ka ambaci suna, ka zama uban gidan wani ɗan takara kuma abokin gabar sauran, ka shiga siyasar da ka ce ba ka so ta ƙofar baya, ga shi kuma kana ma'aikacin gwamnati. Ka ce su ne suka san jama'a, kuma wanda duk suka tsayar kana yi masa fatan alheri. Haka nan kada ka yi alkawarin kawo ƙuri'un malamai ko na iyayen yara don ka rage musu zafi, domin ba naka ba ne balle ka bayar. Abin da za ka iya yi musu alkawari da gaskiya shi ne abin da za ka yi wa kowace jam'iyya: idan suna son sanin halin da makarantun yankin suke ciki, ajujuwa nawa ne babu rufi, darussa nawa ne babu malami, ƙofarka a buɗe take.

Babban abin da shugabannin za su ji tsoro, ko ba su faɗa ba, shi ne kada ka ƙi su don ka karɓi tayin abokan hamayyarsu. Kuma ka sa ran cewa da labari ya fita, ɗaya ɓangaren zai aiko, wani da tayin takara, wani kuma don kawai a ɗauki hoto da kai a ce malamin da ya ƙi su ya dawo wurinmu. Ka cire musu wannan tsoron tun a zaman farko, ka ce ba jam'iyyarsu ka ƙi ba, takara ce ba za ka yi ba a ƙarƙashin kowace tuta. Sannan ka cika wannan magana. Duk wanda ya zo daga ɗaya ɓangaren ka karɓe shi da mutunci, ka ba shi amsar da ka ba na farko, kada ka ba shi labarin abin da aka tattauna da kai, ko wa ya yi alkawarin kuɗi, ko wa aka ce za a janye. Abin da ka ji a matsayin wanda ake zawarci sirrinsu ne, kuma riƙe shi ne zai nuna musu cewa ba su yi kuskuren amincewa da kai ba.

Game da samarin da suke yaɗa hotonka, kada ka riga shugabanni sanarwa. Idan ka rubuta a Facebook cewa ba da yawunka ake yi ba kafin ka ga dattawa, ka ƙaryata su a bainar jama'a. Bayan ka gama zagayen, ka roƙi shugaban jam'iyya ya sanar da mutanensa da kansa, da kalmomin da ya ga sun dace, ko da zai ce jam'iyya ce ta duba ta ga a bar malam ya ci gaba da hidimar makaranta. Ka bar masa wannan, ba ya rage ka da komai. Sannan ka kira jagoran samarin gida, ka gode masa, ka ce ya sauke hotunan. Idan bayan kwana biyu ko uku ana ci gaba da yaɗawa, sai ka rubuta layi biyu kawai na godiya ga shugabanni da jama'a tare da bayyana cewa ba ka cikin masu neman kowace kujera, ba tare da dalili ko gugar zana ba. Wannan rubutun zai kuma amfane ka a wurin aiki idan wani ya kai ƙorafi ma'aikatar ilimi cewa shugaban makaranta ya shiga siyasa.

Kada ka zaci komai zai koma daidai nan take. Shugaban mazaɓa zai fi kowa jin zafi, domin kujerar da ya yi fatan ta zo gundumarsa wataƙila ta koma wata, kuma za ka ji ana cewa ka yi wa garinku baƙin ciki ko kuwa tsoro ne ya kama ka. Wasu za su rage gaisuwa na wani lokaci. Kada ka mayar da martani, kada kuma ka janye jikinka daga gare su don jin nauyi, domin janyewar ce za ta tabbatar da zargin girman kai. Ka ci gaba da zuwa gaida Baba kamar yadda ka saba, ka halarci suna da jana'izar gidajensu, kuma idan suka tsayar da wani ka je ka yi masa murna a gidansa da rana, kamar yadda za ka yi wa na ɗaya jam'iyyar idan ɗan gari ne. Za su iya dawowa sau ɗaya ko biyu, wataƙila da wani babba daga Dutse wanda zai yi wuya a kalli idonsa a ce a'a. Ka tarbe shi da duk karamcin da gidanka zai iya, ka saurare shi har ya gama, sannan ka maimaita masa abin da ka gaya wa Baba ba tare da ƙari ko ragi ba, domin idan amsarka ta canja saboda girman mai tambaya, ka nuna wa waɗanda suka fara zuwa cewa su ne ba su kai a amsa musu ba.